ATP 38 ko 32: wanne zan haddace?

Assalamu alaikum. Takardun lacca da malaminmu ya raba sun ce gulukos ɗaya na samar da ATP 38. Har na fara hadda, sai na buɗe sabon bugun littafi a laburare, na tarar da 30 zuwa 32.

Na zauna na buga lissafin da kaina: NADH 10, FADH2 2, da ATP 4 na kai tsaye. In na ba kowane NADH ATP 3, kowane FADH2 kuma ATP 2, kamar yadda malam ya yi, 38 ke fitowa. In na bi littafi, 2.5 da 1.5, sai 32. Wato na malam tsohon lissafi ne. Amma 30 ɗin nan ya ƙi fito mini, na juya har na gaji, ga jarrabawa ranar Litinin.

Don Allah, a wane mataki ATP biyun nan ke ɓacewa?