Fuskokin da nake ɗauka suna fitowa da toka-toka, ina mafita?

Sallama, masu sana'ar hoto. Ina ɗaukar hotunan biki a Gombe, kuma gyaran baƙar fata a hoto ya gagare ni. Hoton amarya mai duhun fata cikin farin leshi, da zarar na danna `Auto` a Lightroom, sai fuskar ta koɗe ta koma kamar an yayyafa mata toka. Na lura manhajar tana ɗaukar fuskar a matsayin inuwa, sai ta tura `Shadows` sama sosai, baƙin ya dusashe, jan da ke ƙarƙashin fatar ya ɓace.

Na mayar da `Shadows` ƙasa, na ɗan ƙara `Temp` don launin ya yi ɗumi. Fuskar ta gyaru, amma leshin ya zama ruwan ƙwai. Da na ƙara `Saturation` kuma, amaryar ta koma kalar lemu, goshinta yana ƙyalli fari.

Yaya zan gyara fatar ita kaɗai ba tare da taɓa kayan ba: da `Masking` zan zaɓe ta, ko `Orange` na `Color Mixer` zai wadatar? Na gode.