Wace kalma za mu sa wa "App languages" da Hausa?

Rabi Mai Fassara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina cikin fassara wata ƙaramar manhaja ta ajiye rubutu zuwa Hausa, aikin sa kai ne, sai na ci karo da layi biyu da suka tsayar da ni tun jiya. Na farko `App language`, na biyu kuma `System default` da ke ƙarƙashinsa. Abin da ake nufi shi ne ka bar wayarka yadda take, misali da Turanci, amma ka ce wa manhaja ɗaya tak ta riƙa yi maka Hausa ko Larabci. Na fara rubuta "Sauya yare", sai na ga duk wanda ya karanta zai ɗauka wayar gaba ɗaya za ta juye. Ku taimaka min da kalmar da mutum zai gani ya gane nan take, kuma kada ta yi tsawo, don gurbin da ke kan allon ƙarami ne.

Sadik: Wa alaikumus salam Anti Rabi. Ni dai "Fassara manhaja" zan sa. Ai fassara ce ake yi, an ɗauko daga Turanci an mayar Hausa. A gama magana.

Malam Bala: Sadik, a nan ka ɗan kauce. Idan mutum ya danna wurin nan ba a fassara komai a lokacin. Fassarar tana nan tun tuni a cikin manhajar, irinsu Hajiya Rabi ne suka zauna suka yi ta, aka ɗura ta ciki. A Android akwai jaka mai suna `values` da ke ɗauke da rubutun asali, akwai kuma `values-ha` idan an yi na Hausa, `values-ar` na Larabci, haka dai. Abin da dannawar take yi kawai shi ne ta ce wa manhajar: daga yau ki ɗauko daga wannan jakar, ki bar waccan. Zaɓi ne tsakanin abubuwan da ke ajiye. Idan muka kira shi fassara, za mu sa mutane su yi tsammanin abin da ba zai faru ba.

Maman Ilham: Yawwa, Allah ya kawo ni kan gaɓa. Ƙanwata da ke aure a waje tana turo min saƙo da Faransanci wani lokaci, don ta saba da shi. Na shiga na sa manhajar hirar a Hausa, maɓallan sun koma Hausa, amma saƙonta yana nan da Faransancinsa. Ko wayar tawa ce ta tsufa?

Malam Bala: Kin ga abin da nake gudu ke nan, Maman Ilham. Wayarki lafiyarta ƙalau. Abin da kika sauya shi ne rubutun da manhajar ta zo da shi, wato sunayen maɓallai da jerin zaɓi da gargaɗi. Saƙon da mutum ya rubuto da hannunsa ba na manhajar ba ne, na mai shi ne, zai iso yadda aka rubuta shi. Wannan sai dai ki kwafa ki kai wurin fassara daban.

Sadik: To na janye. Amma a sa "yare" ko "harshe"? A baki kowa yare yake cewa.

Kawu Idi: Yaro, a baki ne. A rubuce harshe ya fi. Da yawa idan suka ji "yare" abin da ke zuwa musu shi ne harshen wasu da ba su ji, shi ya sa za ka ji an ce wane yana yare. Ka taɓa jin Bahaushe ya ce shi yana yare alhali Hausa yake yi? To jerin nan har da Hausa a ciki, har da Larabci. Harshe za a sa. Ni abin da na fi so shi ne "Keɓe harshe", domin keɓewar ita ce sabon abu a nan. An fitar da manhaja ɗaya daga cikin taro an ba ta nata.

Rabi Mai Fassara: Kawu, na yarda da harshe. "Keɓe harshe" ma ta yi min daɗi a kunne, sai dai na gwada ta a kan maƙwabciyata ɗazu ba tare da na yi mata bayani ba, ta ce ita abin da ta fahimta shi ne a ware wani harshe a ajiye shi gefe kada a yi amfani da shi. Kun ga ta juya ma'anar gaba ɗaya.

Kawu Idi: Hmm. Ita ma tana da gaskiya. Harshen aka keɓe a jimlar, alhali manhajar ake nufi.

Nura Injiniya: Bari in shigo da abin da na gani a aikace, wataƙila ya taimaka wajen zaɓen kalmar. Abin nan wuri biyu yake zama, kuma ba lallai kalma ɗaya ta ɗauke su duka ba.

Akwai na cikin saitin waya. A Android ya fara ne daga Android 13, a 2022. A wayar Pixel mai Android 13 za ka bi `Settings`, `System`, `Languages & input`, sannan `App languages`. A Samsung yana ƙarƙashin `General management`. Idan ka buɗe za ka ga jerin manhajoji, kowace da harshenta a ƙasan sunanta. Wannan jam'i ne, shafi ne na manhajoji da yawa. Akwai kuma na cikin manhajar kanta, irin wanda Anti Rabi ke fassarawa, wanda magana yake a kan manhaja ɗaya. Da yawan manhajoji sun daɗe da nasu na ciki tun kafin Android 13.

Don haka ni zan ce na cikin manhaja a kira shi "Harshen manhaja", na saitin waya kuma "Harsunan manhajoji". Da zarar mutum ya ga "Harshen waya" a sama da "Harshen manhaja" a ƙasa, bambancin ya fito da kansa, ba sai an ƙara wata kalma ba.

Sadik: Yaya Nura, tawa Android 13 ce, na bi hanyar da ka faɗa yanzun nan. Na ga shafin, amma manhajoji kaɗan ne a ciki, ina da sun fi hamsin a wayar. Wadda nake so in mayar Larabci ma ba ta cikin jerin. Ina ga sai an sabunta wayar.

Nura Injiniya: Sabunta wayar ba zai kawo ta ba. Manhaja ba ta shiga jerin nan sai wanda ya gina ta ya sanar da wayar harsunan da take da su. Wani ɗan fayil ne ake sawa, yawanci ana kiransa `locales_config.xml`, ga kamanninsa:

```xml
<locale-config xmlns:android="http://schemas.android.com/apk/res/android">
    <locale android:name="en"/>
    <locale android:name="ha"/>
    <locale android:name="ar"/>
</locale-config>
```

Sannan a nuna shi a `AndroidManifest.xml` da `android:localeConfig`. Idan mai manhajar bai yi haka ba, ko da tana da harsuna ashirin a cikinta, wayar ba za ta lissafa ta ba. Abin da ya rage maka shi ne ka duba cikin saitin manhajar kanta ko tana da nata zaɓin. Idan babu, za ta ci gaba da bin harshen waya. Kuma idan ka yi nasarar mayar da wata Larabci, kada ka firgita in ka ga komai ya koma dama, kibiyar komawa baya ta juya. Haka tsarin yake, ba lalacewa ba ce.

Hajiya Turai: Ni iPhone gare ni, kuma na sha wahalar abin nan. An ce min tun iOS 13, a 2019, ana iya yi. Na shiga `Settings`, na nemo manhajar, na duba sama da ƙasa ban ga layin harshe ba, har na haƙura. Daga baya ɗana ya duba ya ga harshe ɗaya ne kawai a jerina. Ya shiga `General`, `Language & Region`, ya danna `Add Language` ya ƙara Larabci, da ta tambaye shi wanne za ta sa a gaba ya bar Turancin. Muna komawa wurin manhajar sai ga layin ya fito. Ina faɗa ne don wanda zai nema ya rasa. A tawa yanzu manhajojin suna cikin `Apps` ne a ƙasan `Settings`.

Maganar kalma kuwa, "Harshen manhaja" ta yi. Amma ni gaskiya ban saba jin manhaja a bakin mutane ba sai a labarai. Mu "af" muke cewa.

Kawu Idi: Hajiya, manhaja ma aro ce daga Larabci, da can tsarin karatu take nufi, manhajar makaranta. Amma ta riga ta zauna a wannan ma'anar, 'yan jarida sun shigar da ita kunnen kowa. "Harshen af" kuma a rubuce ba ta da fasali, af ɗin nan ai ita ce ta mamaki, af ashe kai ne.

Rabi Mai Fassara: Kawu ka ba ni dariya. To na ɗauki "Harshen manhaja" don layin farko, ta shiga gurbin har da saura. Saura na biyun, `System default`. Na ga wasu suna sa "Na asali", ni kuma ba ta kwanta min ba.

Malam Bala: Kada ki sa ta. "Na asali" zai sa a ɗauka harshen da aka gina manhajar da shi ne, wato Turanci a taki. Ba haka ba ne. Ki ɗauka waya tana Faransanci, manhajarki tana kan wannan zaɓin kuma tana da Faransanci, to Faransanci za ta nuna. Gobe mai wayar ya mayar da ita Larabci, manhajar ta bi ta zuwa Larabci. Wadda aka zaɓar wa Hausa kuwa tana nan a Hausarta duk inda wayar ta juya. Ma'anarsa ke nan: ba ni da zaɓi nawa, abin da waya ta yi shi zan yi. Ni "Bi harshen waya" zan rubuta.

Nura Injiniya: Na goyi bayan Malam, da ƙaramin gyara. Ba kullum harshen farko na wayar take samu ba. Tun Android 7 mutum yana iya jera harsuna fiye da ɗaya. Idan na farko Hausa ne, manhajar ba ta da Hausa, sai ta sauko kan na biyu a jerin, in shi ma babu sai ta koma rubutun asali. Saboda haka mutum zai iya zaɓar "Bi harshen waya" ya ga wani harshe dabam da na wayarsa, ya ce an yaudare shi. "Bi saitin waya" ya fi kusa da gaskiyar abin.

Maman Ilham: Ni da ba injiniya ba, "Bi harshen waya" na gane shi nan take. "Saitin waya" sai in ce wane saitin, na ƙara ko na haske?

Kawu Idi: "Yadda waya take" fa? Babu umarni a ciki, kuma duk sauran layukan jerin sunaye ne, Hausa, Larabci, Turanci. "Bi" a tsakiyarsu kamar ta fita daban.

Rabi Mai Fassara: Zan sa "Bi harshen waya" a wannan fitowar tunda gobe za a rufe karɓar fassara, in ba mutum biyar su gwada ba tare da na ce musu komai ba, in ga inda za su danna. Kawu, taka ma na rubuta ta a gefe. Nura, don Allah ka duba min ko masu manhajar sun sa `ha` a wancan fayil ɗin, kada in gama wahala Hausar ta ƙi fitowa a jerin.

Nura Injiniya: Na duba, Anti. `en` da `fr` kawai ke ciki. Zan tura musu gyaran a daren nan.