Malamin da ke cikin rajista amma ba ya cikin aji: ku ba ni abin da kuka gani

Hadiza, Ngaundere: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina shekarar farko a jami'a, an ba mu aiki kan matsalar da ke tsakanin mai ba da aiki da wakilinsa a ma'aikatun gwamnati. Na karanta, amma kaina bai ɗauka ba. Malaminmu ya ce mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi, ni kuwa na zaɓi malamin makarantar ƙauye da ba ya zuwa aji. Duk wanda ya taɓa gani da idonsa, don Allah ya faɗa mini.

Garba, Garwa: Ƙanwata, fara daga babur. Ina da guda biyu da yara ke yi mini haya. Ba na bin su, ban san fasinja nawa suka ɗauka ba, su ne suka sani. Ni ina son kuɗi su shigo, babur kuma ya daɗe. Shi yaro yana son ya cika aljihunsa yau. Sai na yanka masa jaka biyu kullum, saura nasa. Maganar ƙarya a lissafi ta mutu, amma sai ya koma lodin mutum uku da buhu, bai damu da canjin mai ba, tunda injin ba nasa ba ne. Da na ce bayan wata goma sha biyu babur ya zama nasa, har wanke shi yake yi. Abin da ake tambayarki ke nan: burinku ya bambanta, kuma shi yana ganin abin da ke ba kya gani.

Usmanu, Kuseri: Wannan duk dogon zance ne. Rashin tsoron Allah ne kawai da cin hanci. A kori mutum goma, sauran za su shiga taitayinsu.

Malam Sani, Marwa: Usmanu, da sauƙin haka ne da ban yi furfura a kai ba. Na yi aikin duba makarantun firamare har na yi ritaya. 'Yata Hadiza, misalin Garba daidai ne, sai dai gwamnati ba ta da abu biyu da yake da su. Shi kaɗai ne mai babur, kuma da yamma yana ƙirga kuɗi a hannunsa. A makaranta wa ke da babur ɗin? Iyayen yara ne ke da buƙata, amma ba su ke biyan albashi ba, ba su da ikon sauya malami. Albashi daga Yawunde yake fitowa, yana faɗawa banki ko an koyar ko ba a koyar ba. Tsakanin Yawunde da ajin akwai minista, wakilin jiha, wakilin gunduma, insifekta, darakta, kowannensu wakilin na sama da shi ne, kowa kuma da abin da yake karewa.

Ga yadda abin ke faruwa. Darakta ne ke riƙe da littafin sa hannu. Na taɓa isa wata makaranta ranar Alhamis, littafi cike, har an sa hannun Juma'a. Tawada iri ɗaya, biro ɗaya, mako guda a zama ɗaya. Ban tsaya kan littafin ba, na ce yara uku su kawo littattafan rubutunsu, na duba kwanan watan darasi na ƙarshe: ya kai kwana ashirin. Shi daraktan ba mugu ba ne. In ya kai ƙara, za su ɓata da mutumin da suke cin tuwo tare, in an ɗauke malamin kuma ba lallai a turo wani ba, aji ya zauna babu kowa. Ya yi lissafinsa ya ga shiru ya fi masa. Ni ma da ke duba shi, da damina ba na iya kaiwa can, kuma ƙarar babur ɗina tana riga ni isa.

Bello, Gider: Malam, da girmanka, a ji ta bakinmu mu ma. An tura ni wani ƙauye, na fara aiki ba albashi, takarduna suna kwance a Yawunde. Duk tafiyar da zan yi in bi su, mako ne ya tafi. A rajistarku ni malamin da ya gudu ne, alhali haƙƙina nake nema. Abin da ya sa malaman sakandare suka yi yajin OTS a 2022 ke nan. Wanda ya ba da aikin ma yakan karya alkawari, a rubuta wannan.

Malam Sani: A rubuta, gaskiya ka faɗa. Shi ya sa kora kaɗai ba ta isa ba: daga ofis ba ka iya bambanta malalaci da wanda aka zalunta, duka biyun kujerarsu ce babu kowa.

Hajiya Mairo, Pitowa: Ni ina cikin kwamitin APEE, ƙungiyar iyayen yara da malamai. Malaman da mu iyaye ke biya daga aljihunmu, kuɗinsu bai kai kusa da na gwamnati ba, amma ba sa fashi, don gobe za mu haɗu a kasuwa. To a ba mu albashin duka mu riƙa biya mana, a huta.

Zainabu, Marwa: Hajiya, zuwa kam suna zuwa, amma mu iyaye muna iya gane ko ana koyarwa da kyau? Na ga inda aka matsa wa darakta kan yawan masu cin CEP, jarrabawar kammala firamare, sai ya hana yara masu rauni shiga jarrabawar. Sakamako ya yi kyau a takarda, yaran nan kuwa sun koma gona.

Malam Sani: Hadiza, ga abin da za ki sa a aikinki, an gwada shi an kuma rubuta. A yankin Udaipur na Indiya, daga 2003, ƙungiyar Seva Mandir ta ba malaman makarantunta kyamara mai buga kwanan wata da lokaci. Malami zai ɗauki hoto da yara da safe da kuma lokacin tashi, ana biyansa gwargwadon kwanakin da hoto ya nuna. Rashin zuwa ya sauka daga kashi 42 zuwa kashi 21 cikin ɗari, karatun yara ma ya ƙaru. Esther Duflo da abokan aikinta ne suka auna. Sai aka kai irin wannan dabara ga nas-nas na gwamnati a yankin, da na'urar buga lokaci. Farko ta yi aiki. Daga baya shugabanninsu suka riƙa ba su takardar uzuri, na'urori suka riƙa lalacewa, kafin shekara ɗaya da rabi komai ya koma gidan jiya. Dabarar ɗaya ce, abin da ya bambanta shi ne mai yanke albashin: a wajen nas-nas ɗin shi ma wakili ne, kuɗin ba nasa ba, ciwon kan kuwa nasa.

Mu ma nan an yi ƙirgar ma'aikata ta COPPE a 2018, kowa ya bayyana da jikinsa da takardunsa, aka cire dubban sunaye daga jerin masu albashi. Ta kama matattu da waɗanda suka bar ƙasa. Malamin da ke zaune a gari ya zo, an ƙirga shi, ya koma shagonsa.

Usmanu: To kun ga, mun dawo kan tsoron Allah.

Zainabu: Ba zan musa maka duka ba, akwai malaman da ba mai duba su kuma ba sa fashi. Amma ba a tsara ma'aikata a kan fatan kowa zai zama haka.

Hadiza: Na gode ƙwarai. Baba Malam Sani, tambaya ɗaya: in an ba iyaye ikon sa hannu kafin albashi ya fita, ba a gyara ba?

Malam Sani: Wataƙila a wani ƙauyen. A wani kuma shugaban kwamitin surukin malamin ne, ko kuwa suna da rikicin gona. Bello, kai da abin zai shafa, za ka yarda Hajiya Mairo ta riƙe maka albashi?

Bello: A fara biya na tukuna, sai mu yi wannan maganar.