Me za mu kira Clear cache da Hausa? Bokis ɗin kallo ya cika

Mai Gyaran Waya:
Jama'a sallama. Ina so in rubuta 'yar takarda da Hausa in manna a shago, saboda masu kawo bokis ɗin kallo ta intanet suna cewa ya ƙi karɓar sabuwar manhaja. Yawancinsu giga 8 ne, kamar Fire TV Stick da Mi Box S da Chromecast na 2020, kuma tsarin na'urar kansa ya riga ya cinye kaso mai tsoka, abin da ya rage bai wuce giga 4 zuwa 5 ba. Uninstall bai ba ni wahala ba, na sa "cire manhaja". Inda na maƙale shi ne Clear cache da Clear data. Maɓallan nan suna maƙwabtaka da juna a allo, amma aikinsu ya sha bamban. Wace kalma za ta raba su?

Ɗan Kwallo:
Ai mai sauƙi ne, ka rubuta "kwashe shara". Ni duk dare kafin a take wasa sai na kwashe ta, don kada hoto ya riƙa tsayawa yana juyi.

Injiniya:
Ɗan Kwallo, rabin maganarka daidai. Ana iya zubar da abin ba tare da asara ba, wannan gaskiya ne. Amma ba shara ba ce, manhajar da kanta ta ajiye shi don amfaninta. Ƙananan hotunan finafinan da kake gani jere a allo, idan ta sauko da su sau ɗaya sai ta adana, gobe ba sai ta koma intanet ba. Kamar ruwan randa ne: ka zubar, randa ta yi fili, amma dole a koma rijiya. Rijiyar nan kuwa da kuɗin datarka ake zuwa. Mai sharewa kullum yana sayen hotuna iri ɗaya kullum.

Tsayawar hoto kuma, mafi yawan lokaci daga sabis ne ko nisan bokis da na'urar wayifai. Gwaji ɗaya ya isa: kunna bidiyon a wayarka a kan layin ɗaya. Idan ita ma tana tsayawa, ka ƙyale bokis ya huta.

Malamin Hausa:
Ni ma ban yarda da shara ba, don wanda ya ji shara zai ɗauka sharewa wajibi ne kowace safiya. Akwai "ma'ajiyar wucin gadi" da wasu ke amfani da ita. Sai dai ma'ajiya wuri ce, mu kuwa abin da aka ajiye muke sharewa, ba wurin ba. Don haka "ajiyar wucin gadi" ta fi dacewa. Clear cache ya zama "share ajiyar wucin gadi", Clear data kuma "goge bayanai".

Maman Yara:
Malam, da girmamawa, share da goge a kunnena duk ɗaya ne. Yarona ne ya ce zai rage mini nauyin bokis, ya danna na biyun a manhajar da muke kallon finafinai. Da na kunna sai ta ce in sa adireshi da kalmar sirri, kamar yau aka saye ta. Wanda ya buɗe mana asusun yana tafiya, haka muka zauna muna kallon allo. A samo kalmar da za ta tsorata yaro kafin ya danna.

Injiniya:
Hajiya ta taɓo inda yake ciwo. Clear data yana mayar da manhaja yadda take ranar da aka saka ta: shigarka asusu, saitunanka, da duk abin da ka sauke a cikinta, duk sun tafi. Asusun kansa yana nan a wurin kamfani, ba a taɓa shi ba, amma sai ka sake shiga. Ni da zan rubuta, "mayar da ita sabuwa" zan sa, in ƙara gargaɗi a ƙasa cewa kada a danna sai kalmar sirri tana hannu.

Mai Gyara, bari in ba ka misalin wani bokis mai giga 8 da na duba, don takardarka ta bi tsarin da ya dace. Mega 300 ne suka rage a ciki. Na bi manhajoji ɗaya bayan ɗaya ta nan:

```
Settings > Apps > See all apps
```

A Fire TV kuwa hanyar ita ce:

```
Settings > Applications > Manage Installed Applications
```

Share ajiyar duka bai ba ni fiye da mega 400 ba, kuma na san cikin mako za ta sake taruwa. Wurin gaske ya fito ne daga wasannin yara guda biyu da wata manhajar kallo da ba a buɗe ta tun bara, sama da giga ɗaya. Sai kuma abin da mutane ke mantawa: fayilolin APK da aka sauko da su aka saka manhaja. Bayan an saka, fayil ɗin ba shi da sauran aiki, amma yana nan kwance a jakar saukewa. To ka fara da cirewa, sharewa ta biyo baya.

Ɗan Kwallo:
To ni akwai manhajojin da ban taɓa buɗewa ba, kuma babu Uninstall a kansu.

Injiniya:
Waɗannan da su bokis ya zo. Iyakarka Disable ko Uninstall updates, inda aka ba ka. Na farkon yana kashe ta ne kawai, jikinta na asali yana nan, saboda haka kada Mai Gyara ya kira shi cirewa. "Dakatar" ya fi.

Ba'are daga Maraɗi:
Mu nan bokis da Faransanci yake zuwa, Vider le cache ake gani a allo. Kenan mu da ku kalma ɗaya muke karantawa, kuma masu gyara a nan "kash" suke cewa. Me ya sa ba za mu bar ta haka ba? Mun karɓi data, mun karɓi caji, babu wanda ya mutu.

Malamin Hausa:
Aro ba laifi ba ne, ɗan'uwa. Matsalar "kash" biyu ce. Bahaushe yana faɗinta idan ya yi takaici, sannan ga masu nufin tsabar kuɗi da ita. Ka rubuta "share kash" a shago ka ga yadda za a kalle ka. Kuma ba ta gaya wa Hajiya komai game da abin da zai tafi.

Baba Alhaji:
Ni nawa an rubuta giga 64 a kwali, amma manhaja biyar na saka ya ce ya cika. Wace sharar zan kwashe?

Injiniya:
Ranka ya daɗe, wannan ba maganar ajiya ba ce. Wasu bokis marasa suna ana ƙara musu lamba a kwali, har a allon saiti, alhali abin da ke ciki kaɗan ne. Idan an cire manhajoji an share komai amma har yanzu ya ƙi karɓar ƙaramar manhaja, to a zargi lambar. Sharewa ba ta ƙara abin da babu.

Mai Gyaran Waya:
Na gode. Na ɗauki "cire manhaja", "dakatar", da "mayar da ita sabuwa" tare da gargaɗin Hajiya. "Ajiyar wucin gadi" ce ta yi mini tsawo, layin takardar ba zai ɗauka ba. Malam, idan na ce "share tanadi" fa?

Malamin Hausa:
Tanadi abu ne da ake tattali, ba wanda zai yarda ya share shi. Ka rage girman rubutun kawai.

Ba'are daga Maraɗi:
Ku rubuta abin da kuka ga dama, gobe mai bokis zai shigo ya ce a share masa kash.