Yadda za ka ƙi gayyatar aboki ba tare da ƙarya ba

An tattauna batun wani magidanci da amininsa ke gayyatarsa majalisa kowane dare bayan sallar isha'i, shi kuma bayan wunin kasuwa ba abin da yake so sai hutawa cikin iyalinsa. Ya sha fakewa da ciwon kai da zuwan baƙi, har abin ya fara damunsa.

Mafi yawan waɗanda suka yi magana sun nuna cewa uzurin ƙarya yana kawar da gayyatar yau ne kaɗai, domin wanda aka ce wa "yau ba ni da lafiya" gobe zai dawo, wataƙila ma ya zo dubiya ya tarar da kai garau. Haka kuma "in sha Allahu zan zo" daga bakin wanda ba shi da niyyar zuwa alkawari ne da zai bar aboki yana duban hanya.

Shawarar da ta fi kwanta mini a rai ita ce a je wurinsa ido da ido, ba a gaban 'yan majalisa ba, a ce: "Wallahi, ɗan'uwa, na gode da ba ka mantawa da ni, amma zaman dare ba ya yi mini; bari in riƙa leƙo ka ranar Juma'a bayan la'asar." Wani dattijo ya ja kunne cewa kada a ambaci ranar da ba za a iya cikawa ba, kuma ko da an daina zuwa majalisa, bikin suna da ɗaurin aure da ta'aziyya na gidan abokin ba sa cikin abin da ake ƙi.