Yadda ake kwatanta wa tela zane da riga daga nesa

Maman Hafsat, daga wajen Ringim

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina neman waɗanda suka taɓa aika ɗinki birni ba tare da tela ya ga mai kayan ba su gaya mini yadda suka yi kwatancen. Bikin ƙanwata ya matso, yayanmu ya sayo mata atamfofi a Kantin Kwari, ya bar su wurin wani tela a cikin Kano, mu kuwa sai dai mu yi masa bayani ta waya. Mun gwada da turmi ɗaya, muka ce a yi zane da riga da ɗankwali, muka aika awon ƙirji da na kafaɗa da tsawon riga. Da kayan suka iso, zanen bai rufe gaba sosai ba, in ta taka yana buɗewa, ƙullin kuma ya taso a ƙarƙashin rigar har ya ɗage ta gefe guda. Sauran turamen ba a yanka su ba tukuna, shi ya sa nake son sanin abin da ya kamata a faɗa kafin a sa musu almakashi.

Uwar Biyu, daga Gezawa

Wa alaikumus salam. Ni abin da nake yi shi ne in ɗauki hoton wadda ta ɗaura irin zanen da nake so in tura wa tela, domin ido ya fi baki iya kwatance. Da haka aka yi mini ɗinkin sallar bara, wuyan riga da hannu suka fito yadda nake so. Ki sa ƙanwarki ta ɗaura wani tsohon zanenta da yake zauna mata, ki ɗauke ta ta gaba da ta gefe, ina ganin ya wadatar.

Inna Tela, daga wajen Birnin Kudu

'Yata Maman Hafsat, Allah ya sanya alheri. Shawarar Uwar Biyu tana da amfani ga wuya da hannu, amma hoto ba ya gaya wa tela yawan yadin da ya shige ƙarƙashin ɗauri, kuma a nan matsalarku take. Kun aika awon riga kaɗai, shi kuma ya yanka zane yadi 2 kamar yadda aka saba yi wa kowa.

Ga yadda nake lissafawa. Mace tana riƙe zane ta bayanta, ta kawo bakin da ke hannun hagu ta gaba zuwa ƙugun dama, sannan ta jawo na hannun dama ta rufe shi, ta soke ko ta ƙulle a hagu. Ke nan baya ya sami ruɓi ɗaya, gaba ya sami biyu, wato zanen ya kewaye jiki sau ɗaya da rabi. Saboda haka a auna wurin da ya fi faɗi a mazaunai, ba tsakiyar ciki ba, a ƙara rabin abin da aka samu, sannan a ƙara kamar inci 8 na haɓar da za a soke da na kalmasar bakuna biyu. Yadi ɗaya inci 36 ne, yadi 2 inci 72 ke nan. Macen da awonta ya kai inci 42 tana buƙatar 63, da ƙarin 8 ya zama 71, yadi 2 ya ishe ta daidai. Amma wadda awonta ya kai 48, ɗaya da rabin kaɗai ya cinye inci 72 ɗin, in aka yi kalmasa ma ya gaza, sai ki ga bakin zanen ya tsaya a kan cinya bai kai ƙugu ba, ita kuma tana ta jan sa da ƙarfi don ta sami abin sokewa. Wannan jan shi ne yake karkatar da ƙasan zane, gefe ɗaya ya ɗage, ɗaya ya ja ƙasa. Ki auno mini ita, ki kuma auno daga inda take ɗaura zane zuwa idon sawu.

Maman Hafsat

Inna, na gode, Allah ya ƙara girma. Na auna ta da tef ɗin maƙwabciyarmu: mazaunai inci 48 cif, daga ƙugu zuwa idon sawu kuma inci 37. Ba doguwa ba ce, kuma da hannun dama take aiki.

Amaryar Malam, daga Kazaure

Ni kam in ana maganar ɗauri ya zauna, sai a ce wa tela kada ya rage ɗankwali. Na sha ganin an bar ɗan ƙyalle wanda ba ya ko kewaye kai sau biyu, amarya ta rasa yadda za ta yi da shi ranar kamu. A ce masa yadi guda cikakke, kuma kada a wanke atamfar kafin biki, domin ƙarfin da ke jikin sabuwa shi ne yake tsayar da ɗaurin.

Inna Tela

Amarya, ɗaurin zane muke magana a kai, amma yadi gudan naki zai shiga lissafi, domin duk daga turmi ɗaya za a fitar. To, Maman Hafsat, ƙanwarki tana buƙatar inci 80, sai ki ce masa yadi 2 da kwata, wato inci 81. Turmi yadi 6 ne, inci 216. In aka cire 81 na zane da 36 na ɗankwali, saura inci 99, wanda ya ishi riga mai dogon hannu har a sami ragowa, sai dai ragowar ba za ta kai zanen goyo ba. Gara ku san haka tun yanzu, kada daga baya a zargi tela da riƙe yadi.

Sai maganar tsayi, wadda ita ce ta haifar da tudun da kika gani. Tsayin zane shi ne faɗin atamfa daga gefe zuwa gefe, kuma yawancin atamfofi suna kai inci 45 ko ɗan sama da haka. Ƙanwarki inci 37 take buƙata, ke nan inci 8 ne suke taruwa a ƙugunta duk lokacin da ta ɗaura, ta naɗe su, ta kuma soke haɓa a cikinsu. Ki ce masa ya bar tsayin zanen a inci 41 bayan kalmasa, domin inci 4 sun isa naɗin da zai riƙe ɗauri, kuma ya rage ta sama, kada ya taɓa ƙasa in atamfar tana da ado a bakinta. Abin da ya rage ɗin kada ya yar, da shi ake yin igiya.

Rigar kuwa an auna ta ne a kan jiki ba tare da zane ba, alhali a kan zane za a sa ta. Ki sa ta ɗaura zanen da ta saba, ki zagaya tef a kan ƙullin, ki aika wannan awon a matsayin faɗin ƙasan riga. Ki kuma faɗi inda rigar za ta tsaya: ko ta sauko ta wuce ƙullin da kamar inci 5 ta rufe shi gaba ɗaya, ko a yi mata 'yar tsaga a gefe biyu don ta sami wurin zama. Rigar da bakinta ya tsaya daidai kan ƙulli ita ce take ɗagewa, ko da awonta ya yi kyau.

Maman Abba, daga wajen Gumel

Ina so in ƙara abu ɗaya da ya same ni, wanda ya shafi hagu da dama. Na sayi atamfa mai babban fure a jere, na ce wa tela ya saita yankan yadda furen zai faɗo a bakin zanen da ke sama, na kuma tura masa hoton da na ɗauki kaina da kyamarar gaba ta waya. Ashe wayata tana juya hoto kamar madubi, sai ya ga ɗaurina a dama, ya sa furen da igiyar a bakin da yake shigewa ciki. Tun daga nan nake faɗa da baki cewa ina sokewa a haguna, ni mai ɗaurawa, ba hagun mai kallona ba, kuma bakin da hannuna na dama yake riƙe da shi shi ne na sama. Bahaguwa kuma wataƙila nata ya saɓa, don haka a tambaye ta, kada a ɗauka kowa ɗaya ne.

Haka nan in adon atamfar yana da kai da ƙafa, kamar tsuntsu ko tukunyar fure, a faɗi gefen da zai zama sama, a kuma ce rigar ta bi shi. Tela mai son tsimin yadi yakan juya ƙyallen riga a kwance, sai ki ga tsuntsayen zane a tsaye, na riga sun kwanta, kaya iri ɗaya amma kamar ba tare aka saye su ba.

Hajiya Babba, daga Bichi

'Ya'yana, na ji lissafinku kuma ban ƙi shi ba, amma ban yarda a rage tsayin zanen amarya ba. Yarinya ce, jikinta zai sauya, in ciki ya zo za ta ɗaga ɗaurin zuwa sama, wani lokacin ma ta yi ɗaurin ƙirji a cikin ɗaki, kuma a lokacin ne za ta nemi incin nan da aka yanke. Mu da muka taso, naɗin sama shi ne yake riƙe zane, ba mu san igiya ba, kuma muna daka muna surfe bai kwance ba. A ƙara mata tsawon da zai rufe gaba, wannan dole ne, amma a bar faɗin atamfa yadda aka saƙa shi, a buɗa ƙasan rigar ya ɗauki naɗin.

Inna Tela

Hajiya, maganarki gaskiya ce ga zannuwan zaman gida, kuma da ni ce sai in raba: biyu ko uku na fita biki a rage musu tsayi, sauran a bar su cikakku. Game da igiya kuwa, yadin ne yake yanke hukunci. Atamfar auduga tana kama jikinta, sokewa ya ishe ta. Leshi mai nauyi da yadi mai santsi ba sa riƙe soki, nauyinsu yana jan su ƙasa, dole a sa igiya a kusurwoyin sama biyu, kowace ta kai tsawon da za ta zagaya ƙugu a ƙulla a gefe. In ba a faɗi tsawon ba, sai a ɗinka gajeru, ƙullin ya faɗo kan cibiya ya ɓata gaban riga. Leshi kuma yana son shafi, sai a ce shafin ya gaza zanen da inci ɗaya ko biyu a ƙasa don kada ya leƙo, a kuma kama shi ta sama da bakuna kawai, a bar ƙasansa sake, domin in aka ɗinke shi duk kewaye, ranar da aka wanke ɗaya ya ɗan tsuke sai zanen ya riƙa jakunkuna.

Maman Hafsat

Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga abin da na rubuta zan tura, a duba mini: zane yadi 2 da kwata, tsayi inci 41 a turame biyu na biki, a rage ta sama, sauran a bar faɗin atamfa, tana sokewa a hagunta ita mai ɗaurawa, kan fure ya kalli sama a zane da riga, ƙasan riga inci 51 domin a kan ɗauri aka auna, ta wuce ƙulli da inci 5, ɗankwali yadi ɗaya. Akwai leshi guda a cikin kayan wanda yayanmu ya ce yadi 5 ne, ba 6 ba, kuma mahaifiyarmu tana son a fitar da ɗankwali daga jikinsa. Inna, in aka cire inci 81 da 36 daga 180, saura 63. Wannan zai ishi riga mai dogon hannu ga mai jikinta, ko dai mu haƙura da ɗankwalin mu nemo wani daban?