Ina neman Hausar “obahed” kafin Asabar

Maman Hanifa: Salamu alaikum jama'a. Ran Asabar zan koyar da matan ƙungiyarmu a unguwar Fadaman Mada da ke Bauchi yadda ake yanke kuɗin faranti ɗaya na abincin sayarwa. Takardar da aka ba ni da Turanci take, na juya komai sai kalma guda: obahed. Kuɗin da ke fita amma ba ya shiga tukunya. Me zan kira shi? Ku taimaka, gobe nake son kai wa mai bugawa.

Sadiya Yelwa: Kuɗin cefane mana, Anti.

Maman Hanifa: A'a ƙanwata, cefane ai shi ne ke shiga tukunyar. Wanda ya rage nake nema.

Baba Ɗanjuma: Kuɗin gara. Na gama muku. Gara ba ta sallama, sai an wayi gari a ga rufi ya zubo. Haka kuɗin nan ke cin jari.

Hajiya Talatu: Mu da muke sana'ar, ɗawainiya muke cewa. Amma kafin suna, ki ba su ma'auni ɗaya, Maman Hanifa: in kika ƙara mudun shinkafa yau, kuɗin nan zai ƙaru? In zai ƙaru, ɗan'uwan cefane ne. In yana nan inda yake ko faranti 20 kika sayar ko 40, to shi ne abin da kike nema.

Sadiya Yelwa: To Hajiya ki duba min nawa, don ni na rasa inda kuɗina ke tafiya. Shinkafa da miya nake yi. Mudu 4 na shinkafa naira 10,000, nama 10,000, kayan miya da mai da magi 8,000, roba da cokali da leda 4,000. Duka 32,000. Tukunyar tana ba ni filet 40, kowanne ya tsaya min 800 ke nan, ina sayarwa 1,000. A lissafina ina da 8,000 kullum, amma ran da zan je kasuwar Muda Lawal sayen buhu sai na ci bashi.

Malam Garba Kano: Filet? Ana neman Hausa ana ta zubo mana filet. Faranti ya mutu ne? Ita ma mai tambayar, da ba ta rubuta mana obahed ba. Haka harshe ke lalacewa muna kallo.

Hajiya Talatu: Malam, ka bari mu ceto jarin yarinya tukuna. Sadiya, da me kike dafawa? Kuma arba'in ɗin nan, nawa ne kuɗinsu ke shigowa hannunki?

Sadiya Yelwa: Gawayi, na 3,000 kullum. Wallahi ban taɓa sa shi a lissafi ba. Sai kuma yara su ci uku, maigida ɗaya, ɗaya kuma ƙanzo ne ko ya kwana. Kamar 35 nake sayarwa.

Hajiya Talatu: To ga ɓarawonki nan. Gawayi ya kai ki 35,000. Faranti 35 a kan 1,000 kuma 35,000 ne. Abin da kika zuba da safe shi kika kwasa da yamma, ko sisi bai hau ba. Kuskurenki na farko, kin raba da abin da tukunya ta bayar, alhali da abin da aka biya ake rabawa. Abincin da gida ya ci ba laifi ba ne, amma masu saye ne za su ɗauki nauyinsa, ko kuma maigida ya biya. Yanzu lissafo min na wata: mai wanke-wanke, ruwa, abin hawa, kati.

Sadiya Yelwa: Yarinyar 15,000. 'Yan garuwa kamar 9,000. Keke zuwa kasuwa 13,000. Kati da data 5,000, rabona na kuɗin wuta saboda firji 5,000, sabulu da soso 3,000.

Hajiya Talatu: 50,000 ke nan. Ki ƙara tsufan kaya. Misali kulolinki da tukwane sun ci 48,000 kuma shekara 2 za su yi miki, to kowane wata suna cin 2,000, ko da ba ki ga kuɗin na fita ba. Ya zama 52,000. In kwana 26 kike girki a wata, 2,000 ne a kowace rana. Sai ladanki ke kanki. Da wata kika ɗauka ta tsaya gaban murhu tun asuba, nawa za ki ba ta? Mu ce 3,000. Duka 40,000 a rana. Raba da 35, faranti ya tsaya miki kusan 1,150. Wannan uwar kuɗi ce kawai, riba ba ta shigo ba. Ni a matsayinki 1,300 zan sa.

Baba Ɗanjuma: Kun gani? Gara ce ta cinye ta. Kuɗin gara!

Usman Akanta: Gyara kaɗan, Hajiya. A makaranta makamashi cikin obahed muke sa shi, bai kamata ki haɗa gawayi da cefane ba. Ni shawarata “tsayayyen kuɗi”.

Hajiya Talatu: Ɗana, a babban otal inda murhu ke ci yini guda, ka yi gaskiya. Ita kuwa ran da ba ta ɗora tukunya ba, ba ta sayen gawayi, ran da ta ɗora biyu ta saya ninki. Keken ma haka yake, rabi nan rabi can. Ko ina ka aje shi dai, kada ya faɗi a ƙasa. Tsayayyen kuɗi kuma mata za su ɗauka farashin da ba a ragi kake nufi.

Malam Garba Kano: “Kuɗin hidima” ya fi tsari, haka za a ji a rediyo a Kano. Ɗawainiya ta yi kama da ta biki. Ko da yake mutanen da ke cewa “mace ya zo” ba su za a tambaya daidaitacciyar Hausa ba.

Baba Ɗanjuma: Malam, ka zo garinmu ka ci masarmu sannan ka zage mu? Hidimar taka ai Larabci ce. Riba ma Larabci, asara Larabci, lissafi Larabci. Farashi kuwa daga bakin Bature ka karɓe shi. Gara ce kaɗai 'yar gida a nan.

Malam Garba Kano: Aron da ya shekara ɗari a gida ya zama ɗan gida. Filet jiya ya sauka a tasha.

Baba Ɗanjuma: Shi ma farashi wata rana a tashar ya kwana.

Maman Hanifa: Don Allah iyayena, mai bugawa yana rufe shago ƙarfe shida. Kuɗin hidima ba zai yi min ba, matanmu sun saba jin sa a wajen mai POS da banki, za su zaci wani abu ne za su ɗora wa mai saye daban. Kuɗin gara ya ba ni dariya, kuma zai zauna a kai, amma in na rubuta shi a allo ladan mai wanke-wanke ya zama ɓarna ke nan, alhali haƙƙinta ne.

Sadiya Yelwa: Ni fa tawa ba ta ƙare ba. Maƙwabciyata 1,000 take sayarwa. In na ce 1,300 kowa zai koma wajenta.

Hajiya Talatu: Wataƙila ita ma jarinta take ci ba ta sani ba. Abin da ke hannunki: ɗawainiya da ladanki 5,000 ne a rana, ba sa motsi. A faranti 35 kowanne na ɗaukar kusan 143, ran da kika sayar da 20 kacal kowanne zai ɗauki 250. Don haka ko ki nemi odar ofis ki ƙara yawa, ko ki raba faranti biyu, mai nama da marar nama. Naman nan shi kaɗai kusan 285 yake ci a kowane faranti. Marar nama zai iya tsayawa a 1,000 har ki ga ɗan canji.

Sadiya Yelwa: Masu sayena 'yan nama ne, Hajiya. Zan dai gwada mako guda.

Maman Hanifa: Na rubuta “kuɗin ɗawainiya”, a ƙarƙashinsa na sa ma'aunin Hajiya na mudu. Baba, zan ba su labarin gara da baki.

Malam Garba Kano: Ba laifi. Amma in na ga filet a takardar nan, ba da yawuna ba.

Usman Akanta: To shi tsufan kaya fa, an amince da shi ke nan? Ni “zaizayar daraja” na so.

Baba Ɗanjuma: Wannan kam ko Malam ya san aikin gara ne.